Ƙirji ya yi shiru, mara lafiya ta fara gyangyaɗi: sauƙi ne ko haɗari?

Sista Rabi: Assalamu alaikum 'yan gida. Akwai wata mara lafiya da muka karɓa a aikin dare, har yanzu ni da abokin aikina ba mu daidaita a kanta ba. Dattijuwa ce, za ta kai shekara 58, sana'arta tuyar waina da ƙosai. A katinta an rubuta asma. An kawo ta tana haki, ta dafa gwiwoyi, kalma biyu take iya haɗawa sai ta tsaya ta ja numfashi. Numfashinta 32 a minti, bugun zuciya 118, oksimita, na'urar auna oksijin a jini, ya nuna 86. Muka ba ta salbutamol, maganin buɗe hanyar iska, a nebulaiza, wato na'urar da ke mayar da magani hazo a shaƙa, muka sa mata oksijin muka buɗe sosai. Bayan kamar awa ɗaya oksimita ya hau 99, kukan ƙirjin ya ragu, sai ta fara gyangyaɗi. In an kira sunanta ta buɗe ido, sai ta koma. Abokin aikina ya ce sauƙi ne, gajiya ce ta sa ta barci. Ni hankalina bai kwanta ba, na rage oksijin, na rubuta takardar tura ta babban asibiti. 'Ya'yanta ma ba su ji daɗi ba saboda neman mota da tsakar dare. Gaggawa na yi?

Nuhu ɗalibi: Wa alaikumus salam Anti. A nawa ganin asma ce kawai, tunda ba ta shan taba. An koya mana cewa toshewar huhu ta dindindin, wadda ake rubuta COPD a kati, ciwon masu shan taba ne. Kuma tunda oksimita ya kai 99 ai magani ya yi aiki.

Hajiya Metiron: Ɗana Nuhu, shekara nawa matar nan ta yi tana sunkuye a kan murhun itace? Ka taɓa shiga madafar mai waina da asuba, ƙofa a rufe saboda sanyi? Ba sai ta riƙe karan sigari ba. Rabi, 'yata, ba ki yi gaggawa ba. Na yi shekaru a ɗakin gaggawa, mai sarƙewar numfashin da ke ihu yana damun kowa bai cika ba ni tsoro ba. Wanda ya yi laƙwas ya daina magana shi nake tsayawa a kansa.

Dakta Bashir: Hajiya ta riga ni. Sista, kafin in ce komai, lokacin da kika ce kukan ƙirjin ya ragu, kin sa abin sauraro kin ji iska tana shiga har ƙasan huhu ta ɓangare biyu? Numfashin ya sauka zuwa nawa? Kuma ta iya yi miki magana mai tsawo?

Sista Rabi: Ranka ya daɗe, iskar kaɗan nake ji, can nesa. Numfashin ya sauka 18 amma sama-sama take yi. Magana kuwa ba ta ƙaru ba, sai ma raguwa.

Dakta Bashir: To wannan ba sauƙi ba ne. Kukan da muke ji a ƙirji iska ce ke yin sa yayin da take kutsawa ta hanyar da ta ƙuntata. Yana ɓacewa ta hanya biyu. Ko dai hanyar ta buɗe, ko kuma iskar da ke wucewa ta yi ƙarancin da ba za ta iya yin ƙara ba. In hanyar ce ta buɗe, za ki ji iska na shiga sosai, mutum ya miƙe zaune, ya faɗi jimla cikakkiya, har ya nemi ruwa. In kuwa ƙirji ya yi shiru, iskar ba ta jiyuwa, magana ta ragu, ido na lumshewa, to ƙarfinsa ne ke ƙarewa. Saukar numfashi daga 32 zuwa 18 a irin wannan hali ba labari mai daɗi ba ne.

Gyangyaɗin nata yana iya zama ɗayan biyu. In asma ce, ta gaji ne, naman da ke jan numfashi ya kusa sarewa. In toshewar huhu ce ta dindindin, akwai yiwuwar oksijin ɗin da aka buɗe mata ya sa gurɓatacciyar iskar da ya kamata ta fitar ta taru a jininta, ita ce ke kawo barci da ruɗewa. A ƙaramin asibiti da dare ba ki da yadda za ki raba su, kuma ba ki buƙatar raba su. Duk wanda ya kasance a ciki, tura ta shi ne daidai.

Nuhu, oksimita oksijin kaɗai yake aunawa. Ba ya ganin iskar da ta taru. Mutum yana iya nuna 99 yana kan hanyar suma.

Nuhu ɗalibi: Yallaɓai, ke nan da an san COPD ce sai a hana ta oksijin gaba ɗaya? Na ji ana cewa oksijin yana tsayar musu da numfashi.

Dakta Bashir: A'a, wannan maganar ta fi kuskuren farko haɗari. Mace tana 86 ba a hana ta oksijin. Ƙarancinsa yana kisa cikin mintuna, taruwar waccan iskar kuwa tana ɗaukar lokaci kuma tana ba da alama. Abin da ake yi shi ne a ba shi da ma'auni kamar kowane magani. Wanda ake zargin toshewar huhu ta dindindin, a riƙe shi tsakanin 88 da 92, yawanci lita 1 zuwa 2 a minti ta robar hanci, ana duba oksimita ana gyarawa. Mai asma zalla ana neman wajen 93 zuwa 95. Ba wanda ke buƙatar 99. Kuma in ya riga ya fara gyangyaɗi ba a kashe oksijin lokaci guda, don zai faɗi ƙasa da inda ya faro. Ragewa ake yi a hankali, abin da Sista ta yi ke nan.

Ban da wannan, maganin daren kusan ɗaya ne a cututtukan biyu. Salbutamol a maimaita kowane minti 20 cikin awar farko, a haɗa da ifratirofiyom in akwai, sannan sitiroyid tun da wuri, don yana ɗaukar awanni kafin ya fara aiki. Sista, ta samu?

Sista Rabi: Ta samu haidirokotizon miligiram 100 ta jijiya kafin su tafi, tunda ban yarda ta haɗiyi ƙwaya a wannan hali ba. Ifratirofiyom ba mu da shi. Ɗanta ya roƙe ni in yi mata allurar barci ta huta, na ƙi.

Hajiya Metiron: Allah ya yi miki albarka. Allurar barci ga mai haki, tura shi kabari ne.

Malam Sani Kemis: Salam. Ni nawa ɗan kaɗan ne. Irin waɗannan tsofaffin kullum suna zuwa shagona, kuma ni ban ga amfanin wannan rarrabewar ba. Asma ko waccan, duk salbutamol ne da firedinisolon. Dakta ma ya faɗa yanzu, maganin ɗaya ne.

Dakta Bashir: Malam Sani, a daren ne na ce. Da gari ya waye hanya ta rabu. Asma kumburi ne a hanyoyin iska da ke zuwa ya tafi. Mai ita yana iya kwana yana tari da haki, jibi ka gan shi yana ƙwallo. Sau da yawa tun yarinta take farawa, tana tafe da atishawa da ƙaiƙayin ido ko na fata, kuma za ka ji akwai ta a dangi. Hazon hunturu, turaren wuta, maganin sauro na kunnawa, shara, duk suna tayar da ita. Tushen maganinta sitiroyid na shaƙa, shi ke kwantar da kumburin.

Toshewar dindindin kuwa ɓarna ce da hayaƙi ya yi shekara da shekaru, kuma ba ta komawa. Ba ta cika bayyana kafin shekara 40 ba. Mai ita ba shi da ranar da yake garau. Bara yana kaiwa masallaci ba hutu, bana sai ya tsaya sau biyu. Ga tari da kaki kowace safiya. Shi abin da ya fi amfanarsa maganin buɗe hanya mai dogon aiki irin su tayotirofiyom, da rabuwa da hayaƙin. In ka ɗora shi kan sitiroyid na shaƙa ba dalili, kana ƙara masa haɗarin namoniya. In kuma ka juya, ka ba mai asma mai buɗe hanya mai dogon aiki shi kaɗai ba sitiroyid, zai ji daɗi kumburin na ci a ƙasa, har ranar da zai tashi masa da ƙarfi. Shi ya sa in an rasa tabbas, ko ana ganin mutum yana da duka biyun, ba a cire sitiroyid ɗin.

Sista, ko kin samu tarihinta?

Sista Rabi: 'Yarta ta ce da ƙuruciya ba ta da komai. Abin ya faro ne kamar shekara takwas baya, kullum gaba yake yi. Tana tari da kaki da safe. Kuma ta taɓa shan maganin tibi na wata shida.

Dakta Bashir: Wannan tarihin bai yi kama da asma ba. Kuma kin ga tibin nan, kada a wuce shi. Tibi yana warkewa ya bar tabo da toshewa a huhu, kuma yana iya dawowa, don haka a sake gwada kakinta. A shekarunta a duba ƙafafu ko sun kumbura, a tambaya ko tana iya kwanciya ba tare da tara matasai ba, saboda ciwon zuciya ma yana sa ƙirji kuka. Tabbaci dai sai an yi gwajin busa da sifairomita bayan ta warware da kamar mako shida. Ana ba ta salbutamol ta sake busawa. In FEV1/FVC, wato iskar da ta fitar a daƙiƙar farko in an raba ta da dukkan iskar da ta busa, ya tsaya ƙasa da 0.7 bayan maganin, toshewar ta zauna. Mai asma yawanci za ka ga ya ɗaga sosai.

Nuhu ɗalibi: Yallaɓai akwai abin da ke rikita ni. Wani littafi ya ce tashin asma mai tsanani shi ne numfashi 25 da bugun zuciya 110. Wani kuma ya ce 30 da 120. Wanne zan bi?

Dakta Bashir: Duka suna nan. Na farko ƙa'idar Birtaniya ce, na biyu ta GINA, ƙungiyar duniya mai fitar da ƙa'idojin kula da asma. A jarrabawa ka bi wanda malaminku ya koyar. A gaban mara lafiya ni ƙaramin nake ɗauka, don gara in tashi da wuri. Amma kafin ka ƙirga komai ka tambaye shi sunansa da unguwarsu. In ya kasa ƙarasa jimla a numfashi ɗaya, ka riga ka samu amsa. In kuna da fikfilo, wato ɗan bututun auna ƙarfin busa, a gwada da mafi kyawun busarsa. Wanda ya saba busa 400, yau ya busa 180, bai kai rabi ba, mai tsanani ne. In ya kasa kai 130, wato ƙasa da kashi ɗaya cikin uku, ransa ne a hannu. Wanda ya galabaita kuma kada ka tilasta masa busa, ka fara magani.

Maman Halifa: Ku yi haƙuri in sa baki, ni ba ma'aikaciyar lafiya ba ce, ƙanwata ce ta sa ni a nan. Ina da asma tun ina firamare. Yanzu da kuke maganar nan tsoro ya kama ni, ke nan tawa ma za ta koma waccan da ba ta warkewa? Don shuɗiyar inhelar, ta salbutamol, ta daina yi mini aiki. Duk wata sai na sayi sabuwa. Ina jin jabu ake sayar mana.

Malam Sani Kemis: Hajiya jabu akwai shi a kasuwa, ba na musu. Amma gaskiya mutanenmu da yawa sun fi son ƙwaya. Suna cewa inhela in ka fara ba ka dainawa, kuma sai ciwo ya kai ƙarshe ake ba da ita. Ƙwayar salbutamol ga araha, ga ta tana aiki.

Hajiya Metiron: Tana aiki, tare da rawar hannu da bugun ƙirji. Malam Sani, ƙwaya ɗaya miligiram 4 ce, fesa ɗaya na inhela maikirogiram 100. Lissafa ka gani, sau arba'in ke nan. Ƙwayar sai ta zaga jiki duka kafin ta isa huhu, inhela kuwa kai tsaye take zuwa kuma cikin mintuna. Inhela ba ta da jaraba. Kai da suke jin maganarka, kai ya kamata ka gyara musu wannan.

Maman Halifa, kafin mu ɗora wa jabu laifi, faɗa mini dalla-dalla yadda kike shaƙa. Kada ki faɗi yadda aka ce a yi, yadda kike yi nake so.

Maman Halifa: Ina cire murfin, in sa a baki, in danna sau biyu ko uku da sauri, in ja da ƙarfi. Ina jin ɗacinsa a harshe, wani lokaci har ina ganin hayaƙin na fita ta baki.

Hajiya Metiron: To 'yata, harshenki da iskar ɗaki ne ke shan maganin. Ɗacin da kike ji shi ne wanda bai isa huhu ba. Ga yadda za ki yi. Ki girgiza ta sosai. Ki miƙe zaune, ki fitar da numfashinki a gefe har ya ƙare. Ki kama bakin inhelar da leɓɓanki, kada harshe ya tare. Ki fara jan iska a hankali, da kin fara sai ki danna sau ɗaya tak, ki ci gaba da ja sannu-sannu kamar daƙiƙa huɗu ko biyar. Sai ki riƙe numfashin ki ƙirga goma in za ki iya. In kina buƙatar na biyu, ki jira kamar rabin minti, ki sake girgizawa, ki sake komai daga farko. Jan da ƙarfi na inhelar gari ne, irin wadda ake murɗawa. Ta fesawa sannu take so.

Haɗa dannawa da ja a lokaci ɗaya yana ba mutane da yawa wuya, balle lokacin da numfashi ya sarƙe. Shi ya sa nake son kowa ya yi amfani da sifesa, wato bututun da ake sawa tsakanin inhela da baki. In ba ki samu ba, robar ruwa ko ta lemo mai rabin lita ta isa. A fasa gindinta daidai girman bakin inhelar yadda zai shiga ya matse ba tazara, ke kuma ki kama bakin robar. Sabuwar roba tana riƙe maganin a jikinta, don haka a wanke ta da ruwan sabulun wanke-wanke, kada a ɗauraye, kada a goge, a bar ta ta bushe da kanta. Fesa ɗaya a ciki, ki ja numfashi huɗu ko biyar, sannan na gaba.

Ku kuma ma'aikata, kada ku tambayi mara lafiya ko ya iya. Kowa zai ce ya iya. Ku miƙa masa ya yi a gabanku, ku gyara, ya sake, kuma duk zuwan da zai yi a maimaita.

Nuhu ɗalibi: Hajiya robar lemo kuma? Ba za a ce muna wasa da lafiyar mutane ba?

Dakta Bashir: An gwada ta, Nuhu. A Afirka ta Kudu an yi bincike kan yara masu tashin asma, mujallar Lancet ta buga shi a 1999. Robar rabin lita da aka toshe da kyau ta yi aiki daidai da sifesar kanti, kofi ne ya gaza. Kuma ga wanda bai kai ga galabaita ba, fesa 4 zuwa 10 ta sifesa, ɗaya bayan ɗaya, yana yin abin da nebulaiza ke yi. Ku tuna da wannan ranar da aka ɗauke wuta.

Maman Halifa, yawancin masu asma ba ta koma musu waccan. Amma wadda aka bari shekaru ba a kwantar da kumburinta ba tana iya barin ƙunci na dindindin. Abin da ya fi damuna shi ne inhela ɗaya a wata. Fesa 200 ke cikinta, kina yin shida ko bakwai kullum ke nan. Wanda ke ƙarar da uku a shekara ma ana ɗaukarsa cikin haɗarin tashi mai tsanani, ke kina kan sha biyu. Shuɗiyar buɗe hanya kawai take yi na 'yan awanni, ba ta taɓa kumburin. Tun 2019 GINA ta daina ba da shawarar a riƙe babba mai asma da ita kaɗai. Kina buƙatar mai sitiroyid, ko irin su bekilometazon kullum, ko wadda aka haɗa budesonayid da fomoterol. Ki je asibiti cikin makon nan, ki tafi da inhelarki. In an ba ki, ki riƙa kurkure baki ki zubar bayan kowace shaƙa, don kada ya kawo miki farin tabo a baki da dashewar murya. Ki kuma faɗa musu duk maganin da kike sha, don asfirin da dangin ibufirofen suna tayar wa wasu, firofiranolol kuwa bai dace da mai asma ba.

Malam Sani Kemis: Dakta maganarka gaskiya ce, amma a shago ake ganin ƙarshenta. Mai sitiroyid ɗin ta ninka shuɗiyar tsada, kuma mutum ya shaƙa bai ji komai nan take ba, sai ya ce ba ta da kyau. Wata ɗaya ya watsar. Firedinisolon kuwa ƙwaya goma kuɗi kaɗan ne. Wanne kake so talaka ya ɗauka?

Dakta Bashir: Tsadar ba ni da maganinta, Malam. Amma firedinisolon na kwana biyar zuwa bakwai ne lokacin tashi, miligiram 40 zuwa 50 a rana ga babba, sai a tsaya. Masu shansa wata da watanni su ne ke zuwa mana da kumburarriyar fuska, ciwon suga, hawan jini da ƙashi mai saurin karyewa. Wannan ba araha ba ce. Maganar ba a jin komai kuwa, a faɗa musu tun ranar farko cewa sai an yi mako ɗaya zuwa biyu ana sha kullum kafin a fara ganin bambanci.

Malam Sani Kemis: Ina faɗa. Wasu su ji, wasu su tafi shagon gaba.

Maman Halifa: Na gode ƙwarai. Tambaya ɗaya ta rage. Yaya zan san ta ƙare? Maƙwabciyata ta ce a jefa ta a ruwa, in ta taso ta ƙare.

Hajiya Metiron: Kada ki jefa ta a ruwa, ba ya nuna gaskiya kuma yana iya toshe bakin. Girgizawa ma ba ta nunawa, don iskar da ke tura maganin tana saura bayan maganin ya ƙare, sai ki yi ta fesa wofi. In taki tana da lamba a jiki, ki bi lambar. In ba ta da ita, ta kullum lissafinta mai sauƙi ne: mai fesa 200, biyu safe biyu dare, kwana 50 ke nan, sai ki rubuta ranar da kika buɗe a jikin kwalin. Shuɗiyar ce mai wuya tunda ba kullum ake sha daidai ba. Ita ki riƙa yin ɗan zane a kwalin duk fesawa, kuma ki ajiye sabuwa guda a gida kafin hunturu ya shigo.